AMSAR WASIƘUNKU: Makin Da Ake Liƙa Wa Wayar Salula, Yaya Ake Karanta Shi?

 A wannan mako wasiƙu biyu za mu ɗauka, domin kuwa da muka duba sai muka ga bakinsu ɗaya, ko da yake ɗaya daga Gusau ta fito, ɗaya kuma daga Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Ta farko wani mai sauraronmu ne ɗan kasuwar hatsi ya aiko ta. Ya ce ya je sayen waya, yaron shago ya ajiye masa guda biyu. Ya nuna masa takardar tallar ta farko, an rubuta mata maki 600,000 a wani abu wai shi AnTuTu, ta biyun kuwa 520,000 aka ce ta samu. Yaro ya ce masa ai magana ta ƙare, mai maki da yawa ita ce gaba, kuɗinta ma ya fi. Shi ne yake tambaya, wane ne ke ba da wannan maki, kuma ya dace ya ƙara kuɗi saboda shi? Ya ƙara da cewa shi dai aikinsa da waya bai wuce kira da WhatsApp da tura kuɗi ta banki ba, sai ɗaukar bidiyon buhuna yana aika wa abokan ciniki.

To madalla, Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, shi wannan AnTuTu manhaja ce ta wani kamfani a ƙasar Sin. Idan aka saka ta a waya, sai ta yi wa wayar jarrabawa ta 'yan mintoci: ta ba ta lissafi, ta sa ta zana hotuna masu motsi irin na wasanni, ta sa ta ajiye bayanai ta ɗauko, daga ƙarshe ta ba ta maki. Akwai ire-irenta, shahararru daga ciki su ne Geekbench ta wani kamfani a Kanada, da kuma 3DMark. Saboda haka makin ba ƙarya ba ne a kan kansa, sakamakon jarrabawa ne. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe alli a aji ya san cewa jimlar maki takan ɓoye abubuwa da yawa. Yaro ya zo na ɗaya a aji, amma in ka buɗe katinsa sai ka tarar zane-zane da wasan motsa jiki ne suka ɗaga shi, lissafi kuwa da ƙyar ya tsallake. In akawu kake nema, ai ba jimla za ka duba ba.

Haka abin yake a nan. Wannan babbar lamba da aka nuna maka, haɗakar darussa huɗu ce, kuma a kan allon wayar ana rubuta kowanne da sunansa. Akwai CPU, wato ƙarfin ƙwaƙwalwar wayar wajen lissafi da gudanar da manhajoji. Akwai GPU, shi ne ɓangaren da ke zana hotunan wasanni. Akwai MEM, saurin ajiya da ɗauko bayanai ke nan. Sa'an nan akwai UX, wanda ke kwatanta ayyukan yau da kullum kamar buɗe shafi da sarrafa hoto da bidiyo.

Bari mu ƙaddara misali da lambobin da ka aiko, tun da dai jimla kaɗai aka nuna maka. A ce ta farko ta samu 170,000 a CPU, da 190,000 a GPU, da 110,000 a MEM, da 130,000 a UX. Ka haɗa su, 600,000 ke nan. A ce ta biyu kuma ta samu 175,000 a CPU, da 100,000 a GPU, da 120,000 a MEM, da 125,000 a UX, jimla 520,000. To duba da kyau. Ta farko ta ba ta biyu ratar 90,000 a darasi guda, wato zanen wasanni. A sauran ukun kuwa, in ka haɗa, ta biyun ce ma ke gaba da 10,000. Ga matashin da zai kwana yana buga wasan harbe-harbe a waya, ta farko ce tasa babu ja. Amma kai da ke tura kuɗi da aika bidiyon masara, wannan rata ba za ka taɓa jin ta a hannunka ba, kuɗin da za ka ƙara na darasin da ba ka karantawa ne. Don haka abu na farko, ka ce wa yaron shago ya nuna maka makin a rarrabe. In ba shi da shi, a nemo a intanet da sunan wayar.

Abu na biyu, ka tambayi wace jarrabawar aka zauna. Su waɗannan manhajoji sukan sake tambayoyinsu lokaci-lokaci, su sake yadda suke ƙidayar maki. A shekarar 2023 AnTuTu ta fito da zubi na 10, kuma waya guda, ba a canza mata ko ƙusa ba, sai ga shi makinta ya ɗaga sama da abin da take samu a zubi na 9. A wannan shekarar dai Geekbench ma ta koma zubi na 6. A zubi na 5 an ɗauki wata kwamfuta an ce ita ce ma'auni, an ba ta maki 1,000, a zubi na 6 kuwa wata kwamfutar dabam aka ɗauka aka ba ta 2,500. Ka ga ke nan wanda ya jera makin zubi na 5 da na zubi na 6 yana kwatantawa, tamkar wanda ya auna gero da tiya ne, ya auna wani da mudu, ya ce wannan ya fi yawa. Kai da ke sana'ar hatsi ba sai an yi maka dogon bayani a nan ba. Har ila yau, waya mai suna ɗaya takan zo kala biyu ko uku, wata da babbar ma'ajiya wata da ƙarama, wani lokacin ma ƙwaƙwalwar da aka sa wa ta Turai dabam take da ta wata nahiyar. Mai talla kuwa makin wadda ta fi tsada yakan ɗauko ya liƙa a takarda. Sai ka duba bayan kwali, ka tabbata wadda aka auna ita ce wadda ke hannunka.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi shafarmu mu mutanen wannan yanki, wato zafi. A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne lambar talla ta fi yin nisa da gaskiyar aiki.

Wayar salula ba ta da fanka a cikinta kamar kwamfutar tebur, in ban da 'yan ƙalilan da aka ƙera musamman don wasanni. Idan ƙwaƙwalwarta ta shiga aiki mai nauyi sai ta ɗauki zafi, zafin nan kuwa ba shi da mafita sai ta jikin wayar. Da zarar ya kai wani mizani, sai wayar da kanta ta rage gudu domin kada batir ya lalace ko hannun mai ita ya ƙone. Wannan ba aibi ba ne, da gangan aka tsara haka. Inda gizo ke saƙa shi ne, jarrabawar da ake ɗauko makinta a talla gajera ce, akan yi ta ne da waya mai sanyi, a ɗaki mai sanyi. Sukuwa ce ta filin hawan salla. Kai kuwa tafiyar fatake za ka yi da ita, a rumfar kwano, a watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ko Sakkwato ko Damagaram ke haura digiri 40. Wayar da ta fara aiki tana da ɗumi tun kafin a taɓa ta, ai ba za ta daɗe ba ta kai mizanin da za ta ja birki.

Akwai gwajin da aka yi domin wannan matsala. A cikin manhajar 3DMark akwai wani sashe mai suna Wild Life Stress Test. Shi maimakon ya yi jarrabawa sau ɗaya, sai ya maimaita ta sau 20 a jere ba hutawa, kimanin minti 20 ke nan. Idan ya gama zai nuna lambobi uku. Best loop score shi ne makin zagayen da ya fi kyau, yawanci na farko-farko. Lowest loop score shi ne na zagayen da ya fi rauni, bayan waya ta gasu. Sai Stability, wato juriya, wanda ake samu idan an raba ƙaramin maki da babban, a mayar da shi kashi cikin ɗari.

Ga misali, shi ma ƙaddarawa muka yi domin lissafin ya fito fili. Waya ta farko ta fara da 10,000, ta ƙare da 5,500. Juriyarta kashi 55 cikin ɗari ke nan. Ta biyu ta fara da 7,000 kacal, ta ƙare da 6,650, juriya kashi 95 cikin ɗari. A takardar talla me za ka gani? Za ka ga 10,000 da 7,000, ka ce ta farko ta yi wa ta biyu fintinkau. Amma bayan minti 20 na aiki mai nauyi, ta biyu tana kan 6,650, ta farko ta gangaro 5,500. Wadda aka raina ita ce ke gaba. Wannan ba yana nufin duk mai ƙaramin maki ta fi ba, a'a. Wata babbar wayar ko ta zubar da rabin ƙarfinta, abin da ya rage mata ya ninka na ƙaramar. Shi ya sa ba kason juriya kaɗai za ka duba ba. Ka ɗauki ƙaramin makin wannan ka jera shi da ƙaramin makin waccan, domin shi ne gudun da za ka zauna da shi. Wasu mujallun intanet masu gwada wayoyi, irin su GSMArena da Notebookcheck, sukan buga sakamakon gwajin juriya. Wannan gwaji na 3DMark ɓangaren zane ya fi matsa wa, amma zafin da ke rage shi shi ne dai ke sa waya ta riƙa sarƙewa ko kyamara ta rufe kanta idan ka daɗe kana ɗaukar bidiyo a rana.

Wataƙila wani ya ce, to in dai manhaja ce ke aunawa, ai babu hannun kamfani a ciki. Jama'a, kun dai san yadda makaranta ke komawa ranar da aka ji sufeto zai zo: a share fili, a cika rajista, malamin da ba a gani sai ƙarshen wata ma ya iso da sassafe. To an sha kama kamfanonin waya suna koya wa wayoyinsu gane sufeto.

A shekarar 2013 mujallar AnandTech ta gano cewa wani nau'in wayar Galaxy S4 ta kamfanin Samsung, idan ta ga an buɗe wasu manhajojin gwaji da ta san sunansu, sai ta saki ɓangaren zanenta ya yi gudun 532 a ma'aunin megahaz, alhali a wasanni 480 take tsayawa. A wannan shekarar kuma mujallar Ars Technica ta yi wa Galaxy Note 3 wata dabara mai sauƙi: ta ɗauki manhajar Geekbench ta canza mata suna kawai, ba ta taɓa komai a cikinta ba. Waya ba ta gane sufeto ba, sai ga shi makin da take samu da sunan asali ya fi na sunan ɓoye da kusan kashi 20 cikin ɗari. Maganar S4 ta kai har kotu a Amurka, inda a 2019 kamfanin ya amince da sulhu na dala miliyan 13.4.

Ba kamfani ɗaya ba ne. A 2018 masu 3DMark sun cire wayoyin Huawei P20 da P20 Pro da Nova 3 da kuma Honor Play daga jerin makinsu, bayan sun gwada su da wani kwafin manhajar da wayoyin ba su san sunansa ba, suka ga bambancin ya kai har kashi 47 cikin ɗari. A 2022 kuma Geekbench ta cire Galaxy S22 da S21 da S20 da S10 daga jerinta, saboda wata manhaja da ke cikinsu tana rage gudun wasanni don tsoron zafi, amma ba ta taɓa manhajojin gwaji. Daga baya kamfanin ya fito da gyara wanda ya ba mai waya damar zaɓa da kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Darasin da za mu ɗauka a nan shi ne, makin da kamfani ya buga da kansa, a ɗauke shi a matsayin maganar mai kaya. Sai an ga wasu mutum biyu ko uku da ba su da hannun jari a ciki sun gwada sun sami kusan haka, sa'an nan ya zama shaida. Kuma ratar kashi 5 cikin ɗari tsakanin waya biyu ba abin ɗaga murya ba ce, domin waya guda ma in ka gwada ta da safe ka sake da rana, makin ba zai zo daidai ba.

To Malam, da fatan ka gamsu. Bari mu juya ga wasiƙa ta biyu.

Wata baiwar Allah mai sauraronmu daga Maraɗi ta ce tana so ta yi odar abin cajin waya na tafi-da-gidanka daga wata kasuwar intanet. Ta ga guda biyu. Ɗaya tauraronsa 4.9 cikin 5, ɗaya kuma 4.3. Ƙanenta ya ce ta ɗauki na farko ido rufe. Tana neman shawara.

Malama, kada ki rufe ido tukuna. Kusa da taurarin nan akwai wata 'yar lamba da aka rubuta ƙanana, ita ce yawan mutanen da suka ba da makin. Ki fara da ita. Idan mutum 12 ne suka ba da 4.9, ai mai kaya da 'yan uwansa da maƙwabtansa sun isa su haɗa wannan. Idan kuwa mutum 3,000 ne suka haɗu a kan 4.3, to wannan magana ce mai nauyi, domin an sha wuya kafin a saye bakin mutum dubu uku.

Na biyu, ki taɓa taurarin su buɗe, za ki ga yadda makin ya rarrabu. Ga dalili. A ce mutum 100 sun sayi kaya, kowannensu ya ba da tauraro 4. Matsakaici 4.0 ke nan. A ce kuma wani kayan, mutum 75 sun ba shi 5, mutum 25 sun ba shi 1. Ki lissafa: 75 sau 5 ya ba da 375, a ƙara 25 ya zama 400, a raba da 100, shi ma 4.0 ne. Lamba ɗaya, labari biyu. Na farko kaya ne mai kyau wanda kowa ya ga ɗan abin gyara a jikinsa. Na biyu kuwa caca ce, duk mutum huɗu ɗaya ya yi kuka. Saboda haka ki tafi kai tsaye wajen masu tauraro 1 da 2 ki karanta abin da suka ce. In wannan yana ƙorafin ɗan aike ya makara, wancan yana cewa launin bai yi masa ba, to ba laifin kayan ba ne. Amma in kika ga mutane daban-daban suna maimaita magana guda, alal misali ya daina riƙe caji bayan wata biyu, ko ya kumbura, to ki kama wannan, ita ce gaskiyar kayan.

Na uku, ki duba kwanan wata. Yawancin masu yabo a ranar da kaya ya iso suke rubutawa, suna murnar kwali mai ƙyalli. Batir kuwa sai ya yi watanni kafin halinsa ya fito. Sharhin wanda ya ce ya yi wata shida yana amfani da shi ya fi na mutum goma da suka buɗe kwali jiya. Idan kuma kika ga yabo mai tauraro 5 ya zubo da yawa a cikin kwana biyu ko uku, gajeru-gajeru, kalmominsu kusan iri ɗaya, to da walakin. Wasu kasuwannin sukan sa alamar Verified Purchase a kan sharhin wanda ya sayi kayan ta wurinsu. Alamar tana taimakawa, amma ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya, domin akwai 'yan kasuwar da ke sa ɗan kati a cikin kwali suna alkawarin kyauta ga duk wanda ya ba su tauraro 5. A 2021 kamfanin Amazon ya ce ya kori tamburan kaya kimanin 600 na 'yan kasuwar ƙasar Sin daga kasuwarsa saboda maguɗin sharhi, kuma a cikin waɗanda abin ya shafa har da sanannun masu sayar da kayan caji. A 2024 kuma hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da sharhin ƙarya. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa.

Akwai kuma makin da masu sharhi na bidiyo da mujallu ke bayarwa, su ce 8 cikin 10 ko 9 cikin 10. Da yawansu kamfani ne ke aika musu da wayar, kuma mako ɗaya ko biyu sukan riƙe ta kafin su yi magana. Masu mutunci daga cikinsu sukan faɗi haka tun da farko, su kuma bayyana yadda suka yi gwajin. Wanda ya ce miki batir ya yi awa kaza, ya faɗi hasken allon da ya sa da aikin da ya ba wayar, ya fi wanda ya ce batirin nan ba dama. Kuma 9 cikin 10 da aka ba waya mai araha ba ɗaya take da 9 ta mai tsada ba, kowace da sa'o'inta aka auna ta, a shekarar da ta fito.

Saboda haka, Malam na Gusau, kafin ka koma shago ka nemi makin a rarrabe, ka tabbata zubin jarrabawar ɗaya ne, ka nemi ƙaramin makin bayan waya ta yi zafi. In akwai ta gwaji a shagon, ko wani abokinka yana da irinta, karɓi ka ɗauki bidiyo na minti goma ba tsayawa, ka taɓa bayanta ka ji, sa'an nan ka buɗe manhajar banki da WhatsApp ka ga ko tana jan ƙafa. Gani ya kori ji. Ke kuma Malama ta Maraɗi, ki ƙirga masu ba da makin, ki karanta masu kuka kafin masu guɗa. In mai 4.3 ɗin nan mutane da yawa ne suka ba shi, kuma ƙorafinsu bai taru a kan aibi ɗaya ba, to shi ya fi kwanciyar hankali, ko da ƙanen naki zai ɓata rai.

To jama'a, agogo ya ce mu dakata a nan. Sauran wasiƙun da ba mu samu damar karantawa ba suna nan a ajiye, ba mu manta da su ba. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, ku riƙa rubuta sunan garinku a fili domin mu san inda za mu miƙa gaisuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.